Takardar neman biya ga ofishin gwamnati ko ƙungiyar agaji

Takardar neman biya, wadda 'yan kwangila da akantoci ke kira inbois, ita ce takardar da mai sayar da kaya ko mai yin aiki yake miƙawa domin a biya shi. A kasuwa rasit mai layi biyu ya wadatar. Ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji kuwa ba sa biyan kuɗi don sun san mutum ko don sun ga kaya da idonsu. Suna biya ne idan takardar ta dace da wasu takardu biyu da ke hannunsu, kuma akwai gurbin kasafi da za a ɗora kuɗin a kansa. Dalili shi ne kuɗin ba nasu ba ne. Na jama'a ne ko na masu ba da tallafi, kuma wata rana odita zai zo ya buɗe fayil ɗin.

Takardu uku

Ta farko ita ce takardar oda, wadda ke ɗauke da kan rubutu PO, ko LPO a yawancin ofisoshin gwamnati a Najeriya. Ofishin da ke sayen kaya ne ke fitar da ita bayan an amince da farashi. Tana nuna lambarta, sunan ɗan kwangila, kowane kaya a layinsa, ma'aunin da aka ƙirga shi da shi, yawansa, farashin guda, wurin kaiwa da ranar ƙarshe. Da zarar an fitar da ita, an riga an keɓe kuɗin a cikin kasafi, shi ya sa lambarta ta zama mabuɗin komai. Ba tare da ita ba akanta ba ya da inda zai rataya takardar a na'urarsa.

Ta biyu ita ce shaidar karɓar kaya. Mai kula da sito ne ke cike ta bayan ya ƙirga ya duba. Ƙungiyoyin agaji kan kira ta GRN, ofisoshin gwamnati kuma SRV. Idan aiki ne ba kaya ba, kamar gyaran rijiyar burtsatse ko horaswa, takardar shaidar kammala aiki ce ke tsaye a madadinta. Ta bambanta da takardar rakiyar kaya da direba ke zuwa da ita: waccan tana faɗin abin da aka loda, wannan tana faɗin abin da aka karɓa, kuma da wannan ake biya.

Ta uku ita ce takardar neman biyan. Akanta yana jera ukun ya bi su layi-layi. Abin da aka yi oda, abin da aka karɓa da abin da ake neman kuɗinsa dole su zama ɗaya a suna, ma'auni, yawa da farashi. A manyan ƙungiyoyi manhaja ce ke fara yin wannan gwaji, kuma manhaja ba ta san uzuri ba.

Lambar kasafi

Lambar kasafi tana nuna aljihun da kuɗin zai fito. Gwamnatin tarayyar Najeriya tana aiki da jadawalin asusu na ƙasa mai sassa shida: ma'aikata, nau'in kashewa, fannin aiki, shiri, tushen kuɗi da yanki. Da shi ake shigar da biya a manhajar GIFMIS, kuɗin kuma su fita daga asusun bai-ɗaya na TSA wanda aka tilasta wa ma'aikatun tarayya a 2015. A ƙungiyar agaji lambar kan haɗa lambar shiri, lambar mai tallafi da layin kasafi, domin ofishi ɗaya a Maiduguri yana iya gudanar da tallafi da dama a lokaci guda, kowanne da rahotonsa da ranar ƙarewarsa.

Ɗan kwangila ba ya ƙirƙirar wannan lamba, ba ya kuma kwafo ta daga tsohuwar takarda. Yana ɗauko ta daga takardar odar da ke gabansa, harafi da harafi, har da sifirin farko da ɗigo ko karan da ke tsakani. Idan ba ta cikin odar alhali fam ɗin yana nemanta, sai ya nema a rubuce daga jami'in saye. Lambar bara takan mutu. Tallafin da ya ƙare ba a ɗora masa kuɗin kayan da suka iso bayan ranar rufewarsa, kuma wannan ne ya sa jinkirin mako guda wajen kai kaya a ƙarshen tallafi yakan zama jinkirin watanni wajen biya, har sai an samo wani gurbi an gyara odar.

Misali da aka bi daki-daki

A ɗauka wata ƙungiya ta ba wani kamfani oda mai layi biyu, kowane layi a kan tallafi dabam. Lambobi da farashin na misali ne:

```
PO No: 4500012345
Line 10  Bucket 20L  EA  1,000  3,000.00  WASH-A/5210
Line 20  Soap 250g   EA  9,600    250.00  HYG-B/5230
```

Wato bokiti 1,000 a kan naira 3,000 kowanne, da sabulu sanda 9,600 a kan naira 250. EA na nufin ana ƙirgawa ɗai-ɗai. An kai kaya. Mai sito ya sa an sauke bokitan, ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ya ware 40 da suka tsage a gindi saboda ɗaurin igiya a mota, ya rubuta 960. Sabulu ya cika: katan 200, kowanne da sanda 48.

Takardar da kamfanin ya fara kawowa ta nemi kuɗin bokiti 1,000, ta rubuta sabulu katan 200 a kan naira 12,000, sannan ta haɗa komai ƙarƙashin lambar kasafi ɗaya. Kurakurai uku ke nan. Na farko a bayyane yake, ana neman kuɗin bokiti 40 da ba a karɓa ba. Na biyu shi ya fi ba 'yan kasuwa haushi, domin kuɗin daidai ne: katan 200 a kan 12,000 naira 2,400,000 ne, sanda 9,600 a kan 250 ma haka. Amma manhaja tana ganin 200 a inda take jiran 9,600, tana ganin 12,000 a inda aka amince da 250, sai ta ɗauka an kawo ƙasa da oda an kuma ninka farashi. Na uku kuwa zai sa mai tallafi ɗaya ya biya kayan da ke cikin rahoton wani.

Gyararriyar takarda tana bin jerin odar. Layi na 10: bokiti 960 a kan 3,000, naira 2,880,000, da lambarsa. Layi na 20: sanda 9,600 a kan 250, naira 2,400,000, da tasa lambar. Jimla naira 5,280,000. Sauran bokiti 40, idan aka musanya su, sabuwar shaidar karɓa za a yi musu da sabuwar takardar neman biya ta naira 120,000 a kan lambar oda ɗaya. Idan an riga an shigar da takardar farko a na'ura, ba a yaga ta; takardar rage bashi ake fitarwa mai ambaton lambar waccan, sannan a kawo sabuwa da sabuwar lamba. Manhajojin biya suna ƙin karɓar lamba ɗaya sau biyu daga kamfani ɗaya, don gudun biya biyu.

Haraji

Harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun Fabrairun 2020, kuma layinsa dabam ake rubutawa, ba a narka shi cikin farashi. A kan jimlar da ke sama ya kama naira 396,000, takardar ta zama 5,676,000. Ma'aikatun gwamnati sukan riƙe VAT ɗin su kai wa hukumar haraji da kansu. Wasu sayayyun agaji kuma ba a ɗora musu shi, amma wannan sai da takardar shaida daga ƙungiyar. Faɗa da baki ba ya kare kamfani ranar da masu haraji suka zo.

Akwai kuma harajin da ake cirewa tun daga tushe, WHT. Ana lissafa shi a kan kuɗin kaya kafin VAT. Ƙa'idojin 2024 sun sa kashi 2 cikin ɗari ga kamfanin cikin gida mai samar da kaya, wanda a misalin nan ya zama naira 105,600. Idan an riƙe VAT an cire wannan, abin da zai shiga asusu naira 5,174,400 ne. Kuɗin WHT ba asara ba ne, domin ana rage shi daga harajin kamfani na shekara, amma sai an tura kuɗin da lambar TIN ta gaskiya, wato lambar shaidar mai biyan haraji. TIN mai kuskure na nufin an cire kuɗin, shaidar kuma ta tafi wani wuri. A Nijar lambar NIF ce ke wannan matsayi, harajin TVA kuma kashi 19 ne.

Tsarin takardar

Sunan da ke kan takardar, da wanda ke rajistar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, da wanda ke kan asusun banki, da wanda ofishin ya yi wa rajista a jerin masu kawo masa kaya, dole su zama iri ɗaya. Kamfani ba ya neman a biya shi a asusun maigidansa. Sauya asusu ba a yin sa a ƙasan takarda da biro. Wasiƙa ake rubutawa dabam, ofishin kuma ya tabbatar ta waya ko ta banki, saboda 'yan damfara sun saba aika saƙon sauya asusu da sunan 'yan kwangila.

Jerin kwanan wata abin lura ne ƙwarai. Oda ce farko, sai kai kaya, sai shaidar karɓa, sai neman biya. Takardar da kwananta ya riga na oda tana nuna an yi saye kafin amincewa, kuma odita ba ya wuce ta. Saboda haka wanda aka kira a waya aka ce ya kawo kaya "oda na tafe" yana ɗaukar kasada da dukiyarsa.

Sauran ƙa'idojin ƙanana ne amma suna mayar da takarda: kuɗi a lamba da a rubuce su yi daidai, babu goge ko kankara, akwai sa hannu da hatimi inda aka nema, kuma kanta ya ce Invoice, domin Proforma tayin farashi ce kawai. Inda ake aikawa ta imel, galibi ana son PDF ɗaya ga kowace takarda, a adireshin sashen kuɗi da aka ambata cikin oda. Hoton waya da aka tura wa jami'in shiri bai shiga layi ba, ko da ya amsa da godiya.

Lokacin biya

Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyi da yawa suna biya cikin kwana 30, amma ƙirgar tana farawa ne daga ranar da aka karɓi takarda marar kuskure tare da shaidar karɓar kaya. Takardar da aka mayar a rana ta 25 ta koma rana ta ɗaya. A gwamnatin tarayya, Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ɗauki biyan da ya wuce kwana 60 bayan miƙa takardu da tabbatar da su a matsayin jinkiri mai jawo ƙarin kuɗi bisa abin da kwangilar ta tanada. A nan fayil yakan bi ta sito, sashen akanta inda ake rubuta bauca, wato takardar izinin biya, ofishin odita na cikin gida, sannan babban jami'in da ke amincewa, kuma ko ya kammala zagayen yana iya jiran sakin kuɗi daga baitulmali.

Hujjar ɗan kwangila a duk wannan ita ce kwafin da aka buga masa hatimin karɓa mai kwanan wata, ko amsar imel ta sashen kuɗi. Da lambar oda da lambar takardar ake bin sawu, kuma tambayar da ke fito da amsa ita ce ko an shigar da shaidar karɓar kaya a na'ura, domin sau da yawa kayan suna sito an ƙirga su, takardar mai sito ce ba ta iso teburin akanta ba.