Jawabin taƙaitawa da godiya a ƙarshen taron bita

Jawabin taƙaitawa da godiya shi ne ɗan gajeren bayanin da ɗaya daga cikin mahalarta taron bita yake yi a madadin sauran a ranar rufe taro, inda yake tattara abin da aka koya, sannan ya gode wa malaman da suka gabatar da darussa. A tarukan da ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyi ke shiryawa a Gombe da Bauchi, wannan jawabi yakan zo ne bayan an raba takardun shaida, kafin addu'ar rufewa da ɗaukar hoto, kuma mai gabatar da taro yakan ba mai jawabin minti uku ko abin da ke kusa da haka. Ya bambanta da sanarwar bayan taro, wadda kwamiti ke rubutawa a sa mata hannu, domin shi magana ce ta baki daga wanda ya zauna a kujerar ɗalibi tun ranar farko.

Dalilin ƙarancin lokacin a fili yake. Ana yin jawabin ne a sa'ar da hankalin jama'a ya riga ya koma kan hanya, domin wanda zai tafi Nafada ko Dukku ko Kaltungo yana son ya kama mota kafin rana ta faɗi, La'asar ta matso, wasu kuma suna jiran a kira sunayensu a biya su kuɗin mota.

Kasafin daƙiƙoƙi

Minti uku daƙiƙa 180 ne, kuma hanyar sanin yawan maganar da za ta shiga cikinsu ita ce mutum ya karanta rubutunsa da murya yana duba agogon waya. Idan ya tarar yana furta kalma 120 a minti, to kasafinsa kalma 360 ne, wato ƙasa da shafi guda. Abin da ya fi cinye wannan kasafi shi ne gaisuwa. Al'adar taro a Arewa ta tanadi a ambaci manyan baƙi bisa darajarsu, kuma mai jawabin da ya bi babban teburi ɗaya bayan ɗaya, daga wakilin kwamishina zuwa babban sakatare da daraktoci da wakilin masarauta, kowa da cikakken muƙaminsa, zai iya ƙone minti guda bai taɓa batun bitar ba. Masu gogewa sukan ambaci mafi girma a teburin kaɗai da "ranka ya daɗe" ko "ranki ya daɗe", su haɗa sauran a jimla ɗaya, su dogara da cewa an riga an gabatar da kowa tun farkon zama. Daƙiƙa 20 sun isa hakan.

Matsala ta biyu ita ce ɗaukar taƙaitawa da godiya a matsayin ayyuka biyu. Wanda ya fara da jero darussa, sannan ya dawo ya jero malamai, ya bi hanya ɗaya sau biyu ke nan. Abin da ya fi dacewa shi ne a gode wa kowane malami ta hanyar faɗin abin da ya koyar, ta yadda jimla ɗaya za ta ɗauki suna da darasi da godiya gaba ɗaya.

Misali daki-daki

A ɗauka an yi bitar kwana biyar a Gombe ga jami'an da ke kula da ajiyar alluran rigakafi daga ƙananan hukumomi 11 na jihar, malamai uku suka gabatar da zama goma sha biyar. Ba zai yiwu a taɓa zama goma sha biyar a daƙiƙa 100 ko makamancin haka da za a iya ware wa darussa ba, saboda haka mai jawabin zai tambayi kansa, tun daren jajibirin rufewa, wane abu ne mahalarta za su yi dabam ranar Litinin idan sun koma wurin aiki. Amsar takan fito da abu uku ko biyu, kuma su ne jikin jawabin. Zai iya cewa:

"Dakta, mun zo da sanin cewa zafi yana lalata allura, amma kai ka nuna mana cewa daskarewa ma tana lalata irin su Penta, kuma ka sa kowannenmu ya yi gwajin girgiza kwalba da hannunsa. Allah ya saka da alheri. Hajiya, ba za mu manta da ranar da kika ɗaga kwalabe huɗu kika ce mu duba tambarin da ke jikinsu ba, har muka gane cewa idan murabba'in ciki ya yi duhu kamar da'irar da ta kewaye shi, an daina amfani da allurar. Malam, daga gare ka muka ɗauki alkawarin rubuta sanyin firiji safe da yamma, mu tabbatar yana tsakanin digiri 2 da 8."

Wannan sakin layi kalma 102 ne kacal, amma ya ambaci malamai uku, ya kuma maimaita wa mahalarta ƙa'idoji uku da ake so su tafi da su gida. A ganin masu shirya taro, irin wannan godiya ta fi "sun yi namijin ƙoƙari" nauyi, domin ita ce shaidar cewa darasi ya shiga. Sharaɗinta kawai shi ne a raba ta daidai: idan aka ba malami ɗaya jimla huɗu, aka ba wata malama rabin jimla, zauren zai lura, ita ma za ta lura. Haka nan tilas ne a tabbatar da sunaye da laƙabai daga jadawalin taro, domin kiran Farfesa da Dakta, ko manta malamin da ya koyar ranar farko ya tafi, kuskure ne da ake daɗe ana tunawa.

Sauran daƙiƙoƙin sukan tafi ga waɗanda suka ɗauki nauyin taro, da ma'aikatan da ba su hau dandamali ba, kamar masu rajista da masu dafa abinci da mai kula da janareto, sai neman afuwa a madadin mahalarta kan duk wani saɓani, da addu'ar Allah ya kai kowa gida lafiya. Tun da zauren bita a Gombe da Bauchi yakan haɗa Musulmi da Kirista, mai jawabi yakan zaɓi lafazin da kowa zai amsa da "amin".

Abin da ba ya shiga, da alamun wuce iyaka

Akan matsa wa mai jawabi ya yi ƙorafi a madadin jama'a, musamman kan jinkirin alawus ko masauki. Wurin wannan shi ne takardar tantance taro ko ganawa da shugaban shirye-shirye, domin malaman da ake gode wa galibi ba su ne ke riƙe da kuɗin ba. Roƙo guda da ya shafi aikin kansa, kamar a sake shirya bitar ga ma'aikatan ƙananan asibitoci, yana iya shiga a jimla ɗaya.

Mai jawabi yakan gane ya zarce idan mai gabatarwa ya miƙe ya matso kusa da shi, ko aka miƙo masa 'yar takarda, ko ya ji ana zuge jakunkuna, ko tafi ya ɓarke a tsakiyar jimla. Idan kuwa tun farko aka ce masa minti ɗaya kaɗai ya rage, sai ya bar gaisuwa a jimla guda, ya ajiye roƙo, ya riƙe sunayen malaman da darasi ɗaya na kowannensu, ya rufe da addu'ar komawa gida.