Tallafin bincike: nawa ne zai rage bayan jami'a ta ɗauki kasonta?

An ce tallafin kada ya wuce 100,000, jami'a kuma za ta ɗauki kashi 25 cikin ɗari. Ke nan 75,000 ya rage mini?

A'a, 80,000 ne. Kason jami'a, wato kuɗin wuta da ruwa da ɗakunan gwaji da ma'aikatan ofishin kuɗi, a kan kuɗin aikin kansa ake lissafa shi, ba a kan jimilla ba. Saboda haka ka raba 100,000 da 1.25, ka sami 80,000. Kashi 25 na wannan shi ne 20,000. Wanda ya yi lissafi irin naka ya yi asarar 5,000 ba gaira ba dalili.

Kason ma ba iri ɗaya ba ne ko'ina. Shirin Horizon Europe na Tarayyar Turai yana ba da kashi 25, ita kuwa NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, kashi 8 take bai wa cibiyoyin ƙasashen waje. Sannan wasu masu ba da tallafi, har da NIH, ba sa sa manyan na'urori cikin abin da ake ɗora wa kason. A ce na'urarka ta 20,000 ce. Fitar da ita tukuna, ka raba ragowar 80,000 da 1.25: kana da 64,000 na sauran aiki, jami'a 16,000.

To yaya zan raba 64,000 ɗin?

Fara da alawus ɗin ɗalibai, domin shi ne ba ya taɓuwa. Ɗalibai 2, kowanne 500 a wata, na wata 24, ya kama 24,000. Ka ƙirga har watannin rubuta kundi, don a nan ake yawan barin ɗalibi hannu rabbana, aiki ya tsaya cak. Ware 6,000 na wallafa, 34,000 ya rage wa aikin fili. Shi kuma kada ka rubuta shi a dunƙule: mutum nawa, kwana nawa, zuwa nawa, nawa a rana. Masu tantancewa sun fi zaftare adadin da ba su ga yadda aka samo shi ba.

Ita ma na'ura, kuɗin da mai sayarwa ya faɗa ba shi ke nan ba. Akwai dako, kwastan, kafawa da gyara.

Idan maƙalata ba ta fito ba har tallafin ya ƙare fa?

Hakan na yawan faruwa, tunda mujalla sai ta amince da maƙala take neman kuɗinta, tantancewa kuwa takan ci watanni. Galibi abin da aka kashe bayan ranar rufewa ba a biyansa. Tun da sauran wata biyu ko uku, ka nemi ƙarin wa'adi ba tare da ƙarin kuɗi ba, a rubuce, ta ofishin bincike na jami'arka.