Waiwaye: Yadda rikicin direba biyu a kan bas ɗaya ya samo asali

Musun da masu haɗa allon lantarki ke ta yi har yanzu bai mutu ba, wai idan bafa biyu masu hali uku, wato direbobin da ke tura sigina a waya, suka buɗe lokaci guda a kan bas ɗaya, wayoyin nan da cip da yawa ke rabawa wajen aika bayanai, laifin wa ne, kuma ma yana da wata illa ta a zo a gani ko kuwa tsoro ne kawai. Wasu na cewa ai nanosakan kaɗan ne, ba abin da zai ƙone. Wasu kuma na cewa a daina raba waya ɗaya ga cip da yawa gaba ɗaya, a sa mai zaɓen hanya a huta. Akwai kuma masu ɗora komai a kan mai rubuta firogiram, shi ne ya sauke ƙafafun zaɓen cip, wato CS, guda biyu tare. Kowa na magana kamar jiya abin ya faɗo daga sama, alhali ya haura shekara hamsin yana tahowa.

Farkon labarin kowa ya san shi. A tsakiyar shekarun 1960 da jerin cip 7400 na fasahar TTL suka fito, ba a haɗa bakin fita biyu a waya ɗaya, domin kowane baki yana da taransista ta sama mai jan layi zuwa bolt 5 da ta ƙasa mai jan shi zuwa GND, wato bolt 0, in wannan ya ce 1 wancan ya ce 0 ka haɗa wuta kai tsaye ke nan. Mafitar lokacin ita ce ofin-kalekta: a cire taransistar sama, a sa resista ɗaya ta ja layin sama, kowa sai ja ƙasa kawai yake iyawa. Ko goma ne suka ja tare ba faɗa, 0 ke cin nasara. Matsalarsa jinkiri ne, don resista ce ke cajin layin a hankali. Sai a farkon shekarun 1970 aka kawo hali na uku, wato a kashe taransistocin biyu duka bakin ya saki layin, abin da ake rubutawa Hi-Z, da ƙafar OE mai buɗewa da rufewa. Sauri ya samu, su 74125 da 74LS244 da 74LS245 suka cika allunan kwamfuta. Amma daga ranar, waya ta daina sasanta rigima da kanta, aikin ya koma wuyan mai tsara lokaci.

Yawanci daga nan masu ba da tarihi ke tsallakawa zuwa FPGA, cip ɗin da ake tsara da'irarsa da firogiram. Ni kuwa a ganina abin da ya haifi rigimar yau yana tsakiya ne, a shekarun 1980, lokacin da aka riƙa zare cip ɗin TTL ana sa na CMOS a soket ɗaya ba tare da an sake lissafin komai ba.

TTL tana da yafiya da mutane ba su ma san suna cin gajiyarta ba. Bakinta ba daidai yake ba, na asali yana iya shanye 16 mA idan yana jan ƙasa amma 0.4 mA kawai aka yi alkawari idan yana jan sama, kuma a gefen saman akwai resista kusan om 130 a cikin cip ɗin kanta. Saboda haka in biyu suka yi karo, resistar nan ke rage wutar da ke wucewa zuwa 'yan gomomin mA, kuma yawanci mai jan ƙasa ke rinjaye, layin ya zauna can ƙasa. Takardun bayanan cip ɗin ma suna cewa za ka iya haɗa baki ɗaya da GND na ɗan lokaci, kada dai ya wuce sakan ɗaya kuma kada ya wuce baki ɗaya. Ƙari a kan haka, ana ƙera bafofin ne yadda rufewarsu ta fi buɗewarsu sauri, to in 'yan gida ɗaya ne, na farko ya saki kafin na biyu ya kama. Ga kuma firosesa mai gudun 1 MHz ko 2 MHz, zagaye ɗaya nanosakan 1000 ko 500, sarari birjik tsakanin karatu da rubutu. Mutum zai yi tsari mai ɗan karo a ciki, allon ya yi aiki shekara da shekaru, shi kuma ya ɗauka gwaninta ce.

Sai 74HC ta zo a farkon shekarun 1980, 74AC ta biyo baya a tsakiyarsu, lambobi iri ɗaya, ƙafafu iri ɗaya, ba cin wuta sosai, wa zai ƙi? Amma bakin CMOS ƙarfinsa kusan ɗaya ne sama da ƙasa, kuma babu waccan resistar mai jan birki. A ce kowace taransista idan ta buɗe tana kamar om 25, wanda ba sabon abu ba ne a masu ƙarfin. Direba ɗaya na jan sama, ɗaya na jan ƙasa, bolt 5 a kan om 50, 100 mA ke nan a layi ɗaya. Iyakar da takardar 74AC ta yarda da ita a ƙafa ɗaya 50 mA ce, ta bafofin bas na 74HC kuwa 35 mA. In bas ɗin layi 8 ne kuma ɗaya na fitar da 0x00 ɗayan 0xFF, 800 mA ke ratsawa ta ƙafar GND guda ɗaya tak.

Layin kansa kuma ba ya zama ƙasa kamar da, tsakiya yake tsayawa wajen bolt 2.5, kamar mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suna jan igiya. Ga mashigar TTL, duk abin da ya haura bolt 2 ai 1 ne. Ga mashigar HC a bolt 5 kuwa sai ƙasa da kusan 1.5 ne 0, sama da kusan 3.5 ne 1, to 2.5 ba nan ba can, kuma a wannan matakin taransistocin mashigar biyu duk suna ɗan buɗe suna zuƙar wuta, wani lokaci har ta riƙa karkarwa tsakanin 0 da 1. Wato duk cip ɗin da ke sauraron bas ɗin ya shiga rigimar ko da ba ruwansa.

A daidai wannan lokacin kuma agogon firosesa ke ta hawa, amma ma'ajiya irin EPROM ba ta bi sahu wajen sakin layi ba. A takardarta akwai wani adadi da ake rubutawa tDF, lokacin da take ɗauka ta saki bas bayan an ɗaga OE don rufe ta, kuma gomomin nanosakan ne. Kowa idonsa na kan saurin karatu, wannan layin na can ƙasan tebur ba mai dubawa. A ce tDF nanosakan 50 ne, firosesa ta gama karatu ta ɗaga OE, bayan nanosakan 20 ta fara fitar da bayanan rubutu ta bafar AC. Nanosakan 30 ke nan su biyun suna kan layi. Lura fa, babu wanda ya yi kuskuren firogiram, siginonin buɗewar ba su taɓa haɗuwa ba a kan takarda, amma bakunan sun haɗu.

Masu cewa ba abin da zai ƙone suna da gaskiya a nan, rabi. Nanosakan 30 a cikin zagayen 1000 kashi 3 ne cikin ɗari, zafin ba wani yawa. Ɓarnar ta wani gefen take fitowa. Ƙafar cip mai dogayen ƙafafu tana da indoktans wajen 10 nH, in 800 mA ta taso cikin nanosakan 5, lissafin `V = L × di/dt` ya ba da bolt 1.6. Ma'ana GND ɗin cikin cip ɗin ya yi tsalle sama da bolt ɗaya da rabi, wani bakin da ke zaune a 0 abinsa shi ma ya yi tsalle, in kuma shi ke riƙe da agogon wata rajista ko layin risat, sai ka ga allo ya rikice sau ɗaya a rana ba dalili. Kuma ya danganta da bayanan da ke wucewa, in baitocin biyu sun kusa kama da juna shiru, in sun saɓa sosai sai ta tashi, shi ya sa gwaji da bayanai iri ɗaya ba ya kama shi.

Gane shi ba wuya in an san abin nema. A osiloskof za ka ga layin ya yi wani ɗan tsani a tsakiya daidai wurin miƙa bas, ya tsaya cak na ɗan lokaci sannan ya ƙarasa, kuma a daidai nan layin bolt 5 ya ɗan nutse. Mutane na rikita shi da layin da aka sake ba mai riƙe da shi, don shi ma yana iya zama a tsakiya. Bambancin, wanda aka sake a hankali yake sulalewa, kuma in ka sa resista ta om 1000 zuwa GND zai bi ta nan take, wanda ake faɗa a kansa kuwa ko gezau. Doguwar rigima, irin ta adireshi biyu da suka hau kan juna ko CS biyu a ƙasa a kan layin MISO na SPI, ita kam yatsa ma na gane ta, cip zai yi zafi.

Abin da ya biyo baya duk gyaran wannan giɓin ne. PCI, bas ɗin kwamfuta da ta fito a 1992, ta rubuta shi cikin ƙa'ida, duk layin da zai canja mai tuƙa shi sai an bar zagayen agogo ɗaya ba kowa a kai. Bas irin su I2C da CAN kuwa suka tsaya kan tsohuwar dabarar 0 ke rinjaye, har suka mai da karon hanyar tantance wanda zai yi magana. A cikin FPGA kuwa tsofaffin suna da bafofi masu hali uku a ciki, zuwa tsakiyar shekarun 2000 aka daina sa su, sai a ƙafafun waje kawai. Amma har yau ana rubuta wannan:

```
assign bus = en_a ? a : 8'bz;
assign bus = en_b ? b : 8'bz;
```

In a cikin cip ne, manhajar haɗawa za ta mai da shi mai zaɓen hanya ko ta ƙi karɓa. In a ƙafafun waje ne, rigimar na nan daram. Kwaikwayon kwamfuta zai nuna `x` idan `en_a` da `en_b` sun hau tare kuma bayanan sun saɓa, wannan ya kama doguwar rigimar. Gajerar kuwa ba zai gan ta ba muddin ba a sa masa jinkirin gaske ba, don a wurinsa `en_a` na sauka bakin ya saki a take. Sai an ɗauko tDF na mai saki da lokacin buɗewar mai kamawa an jera su, in na farkon ya fi tsawo a ƙara zagaye ɗaya na banza a tsakani, ko a sa wa ma'ajiyar mai nawa bafa irin 245 a gabanta wadda ke rufewa da sauri a madadinta.