Sanya na'urar RCD a akwatin rarraba wuta da gwada faɗuwarta

RCD na'ura ce da ake sakawa a akwatin rarraba wutar lantarki na gida ko shago, domin ta katse wuta da zarar wani ɓangare na wutar ya bar hanyarsa ya bi jikin mutum, ko ƙarfen firji, ko jiƙaƙƙen bango zuwa ƙasa. Masu aikin wuta suna kiran wannan yoyo. Bireka ta yau da kullum, wadda ake rubuta wa MCB, ba ta ganin irin wannan yoyon, domin ita sai wuta ta wuce amfiya 16 ko 32 da aka rubuta a jikinta take faɗuwa, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba yana iya tsayar da zuciyar mutum.

Yadda take gane yoyo

A cikin na'urar akwai zoben ƙarfe wanda wayar wuta da wayar nutural suke ratsawa tare. Idan komai lafiya, wutar da ta fita ta waya ɗaya ita ce ke dawowa ta ɗayar, sai maganaɗisun da suke haifarwa a zoben ya kashe juna. Idan amfiya 5 ta fita, abin da ya dawo kuma ya gaza da miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya ɗaya, wannan giɓin yakan tayar da 'yar wuta a wata siririyar waya da aka naɗe a zoben, ita kuma ta saki maƙunnin. Na'urar ba ta san inda wutar ta tafi ba, abin da ta sani kawai shi ne lissafi bai cika ba. Kusan duk kuskuren da ake yi wajen sakawa daga nan yake fitowa: duk wutar da ta bi ta cikinta ta fita, dole ta cikinta za ta dawo.

Zaɓen na'ura

Lambobi biyu ne a fuskarta. Na farko, kamar 40 A ko 63 A, shi ne nauyin da za ta iya ɗauka ba tare da ta ƙone ba. Na biyu, IΔn, shi ne yawan yoyon da zai faɗar da ita. Domin kare mutum mai 30 mA, wato miliamfiya 30, ake sakawa. Masu 100 mA da 300 mA na rage haɗarin gobara ne, ba a dogara da su wajen kare wanda wuta ta ja. Wadda aka rubuta wa RCCB yoyo kaɗai take gani, saboda haka dole a sami fis ko bireka da za ta kare ta daga nauyin da ya wuce ƙarfinta. RCBO kuwa ta haɗa aikin biyu, ana ba kowane layi tasa, kuma ko da ta fi tsada, yoyon famfon rijiyar burtsatse ba zai jefa gida duka cikin duhu ba. Akwai kuma bambancin nau'i. Nau'in AC na tsohon yayi ne, yana iya kasa ganin yoyon da ke fitowa daga kayan zamani irin su injin wanki da na'urar sanyaya ɗaki mai inbata. Nau'in A ya fi dacewa da gidan yau.

Sakawa

Aikin na wanda ya koyi sana'ar ne, kuma yana farawa da kashe duk hanyar da wuta ke shigowa: layin kamfani, janareta, da inbata. Inbata ce aka fi mantawa, domin ba ta ƙara. Sannan a auna da magwaji mai baki biyu tsakanin kowace waya da 'yar'uwarta, bayan an tabbatar magwajin kansa yana aiki. Kashe babban maƙunni bai kashe wayoyin da ke shigowa cikinsa daga mita ba, suna nan da wutarsu.

Kafin a ɗaura na'urar, ya kamata a cire kayan wuta daga soket, a auna rufin wayoyin kowane layi da mega, magwajin ƙarfin rufin waya, a kan bolt 500. Tsakanin nutural da wayar ƙasa kada ya gaza megaom ɗaya. Mutane da yawa suna tsallake wannan matakin, su kuma wuni suna neman abin da minti goma za su nuna musu. Tsohon gida yana iya shekara ashirin da nutural tana taɓa ƙarfen akwatin soket ba wanda ya sani, domin bireka ba ruwanta da wannan. Ranar da aka sa RCD asirin ke tonuwa.

Ana maƙala na'urar a kan dogon ƙarfen akwatin, bayan babban maƙunni. Wayar wuta da nutural daga maƙunnin su shiga ta gefen shigarwa. Wasu na'urorin ba su damu da sama ko ƙasa ba, wasu kuma an rubuta LINE da LOAD, sai a bi rubutun. Nutural tana shiga bakin da aka yi wa alamar N. Daga gefen fita, wayar wuta ta tafi sandar tagulla da ke ciyar da birekokin da ake so a kare, nutural kuma ta tafi wata sandar nutural ta daban, wadda ba ta haɗu da tsohuwar ba, ba ta kuma taɓa jikin akwati. Duk layin da birekarsa ke bayan RCD, nutural ɗinsa a wannan sabuwar sandar za ta zauna. Wayar ƙasa ba ta ratsa na'urar ko kaɗan. A ƙarshe a ɗaure kusoshi gwargwadon ƙarfin da kamfanin ya rubuta, a ja kowace waya a ji ko ta kama.

Gwaji

Maɓallin da aka rubuta wa T yana ɗebo 'yar wuta ta gefen zoben, ya ƙirƙiri giɓi a cikin na'urar kanta. Idan ta faɗi, injinta bai cije ba. Iyakar abin da ya nuna ke nan. Za ta faɗi ko da babu wayar ƙasa a gidan gaba ɗaya. Dokokin wayarin na Birtaniya, BS 7671, waɗanda masu aiki a Najeriya suka saba bi, sun ce mai gida ya riƙa danna shi duk wata shida. A inda ƙurar hunturu ke shiga kowane lungu, wannan ba wasa ba ne.

Gwajin gaske da magwajin RCD ake yi. Ana cire kayan da ke layin, a soka shi a soket, shi kuma ya tura sanannen adadin wuta daga wayar wuta zuwa wayar ƙasa, ya ƙirga lokacin da na'urar ta ɗauka. Ga mai 30 mA wadda ba ta jinkiri, a rabin adadin, wato miliamfiya 15, bai kamata ta faɗi ba. A miliamfiya 30 dole ta faɗi cikin milisakan 300, a miliamfiya 150 kuma cikin milisakan 40. Kowanne ana yin sa sau biyu, a saitin 0° da na 180° na magwajin, a rubuta lokaci mafi tsawo. Gyaran da aka yi wa BS 7671 a 2022 ya taƙaita abin da ya wajaba zuwa gwajin tsakiyar kaɗai, amma sauran suna da amfani wajen binciken matsala. Lafiyayyar na'ura takan faɗi cikin milisakan 20 zuwa 40 ma a gwajin tsakiyar. Wadda ta ɗauki 280 ta ci jarrabawa a takarda, amma mai hankali zai sake gwada ta, ya kuma yi tunanin canza ta.

Akwai dabarar da ake gani a wurin aiki, ta haɗa ƙwan fitila tsakanin wayar wuta da ta ƙasa. Ƙwai mai wat 60 a kan bolt 230 yana jan kusan miliamfiya 260, ya fi ninki takwas na abin da ake so a gwada. Na'urar da ta lalace har sai yoyo ya kai 200 take motsi za ta faɗi da wannan ƙwan, a tafi ana cewa tana aiki.

Misalin gida mai layi shida

A ɗauki gida mai layi shida, an sa masa RCCB mai 63 A da 30 mA. An mayar da wuta, an danna T ta faɗi, magwaji ya ba da milisakan 27 da 31. Da magariba aka kunna fitilar ƙofar gida, gida ya ɗauke. Aka ɗaga, ta sake faɗuwa. Abin da akan fara cewa shi ne na'urar jabu ce.

Hanyar bincike ita ce a sauke birekoki duka, a ɗaga RCD, sannan a riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya da kayansu a kunne. Biyar suka zauna, ta fitilun waje ta faɗar da ita. Mega ta nuna rufin wayoyin layin lafiya lau, don haka ba ruwa ba ne ya shiga fitila. Da aka bi nutural ɗin layin, sai aka same ta a tsohuwar sanda, an manta ba a matsar da ita ba. Ƙwan wat 10 ne kawai, amma wat 10 a kan bolt 230 ya haura miliamfiya 40, kuma dukkanta ta fita ta cikin zoben ta dawo ta bayansa. A wajen na'urar wannan yoyo ne. Matsar da waya ɗaya ya kashe maganar.

Da a ce nutural ce ke taɓa ƙasa a wani wuri, alamar za ta bambanta. Na'urar za ta riƙa faɗuwa idan an kunna abu mai nauyi kamar hita a kowane layi, kuma sauke birekar layin mai laifin ba zai hana ba, domin bireka mai baki ɗaya ba ta yanke nutural. Sai an riƙa zare nutural ɗin layuka daga sanda, wuta a kashe, ana aunawa.

Janareta da sandar ƙasa

Gwajin da aka yi a kan wutar kamfani bai shafi janareta ba. Ƙananan janaretoci da yawa, da wasu inbatoci, ba a haɗa nutural ɗinsu da ƙasa ba. Idan aka juya cenji-oba zuwa gare su, maɓallin T zai faɗar da na'urar, amma magwaji zai ƙi yin gwajin ko ya nuna ba ta faɗi ba, saboda yoyon ba shi da hanyar komawa tushensa. Gyaran shi ne a haɗa nutural da ƙasa a wajen tushen, kafin RCD, bisa umarnin kamfanin da ya ƙera injin, da cenji-oba mai yanke nutural. Idan aka yi haɗin a bayanta, faɗuwa za ta riƙa yi ba dalili.

Inda gida ya dogara da sandar da aka kafa a ƙasa, ƙa'idar ita ce RA × IΔn ≤ 50 V, inda RA ke nufin yawan om ɗin sandar haɗe da wayar ƙasa. Ga mai 30 mA wannan ya ba da om 1667, amma duk abin da ya wuce om 200 ana ɗaukarsa mara tabbas. A ƙasa mai yashi irin ta Katsina ko Maraɗi, sandar da aka auna a watan Agusta za ta ba da wani adadi daban a watan Maris, don haka awon rani shi ne abin rubutawa a takardar gwaji.

Abin da ba ta karewa

Wanda ya riƙe wayar wuta da hannu ɗaya, nutural da ɗayan, yana tsaye a kan busasshen katako, na'urar ba za ta gan shi ba. Wutar ta fita ta dawo cif, kamar ta bi ta ƙwan fitila. Haka kuma ba ta rage ƙarfin jan da mutum zai ji kafin ta faɗi, lokacin kawai take gajartawa.