Iyakokin sirri a hasashen na'urar mai amfani

Hasashen na'ura shi ne ƙoƙarin da manhaja ko shafin intanet ke yi na gane irin waya ko kwamfutar da mutum ya shigo da ita, ba tare da an tambaye shi ba. Iyakokin sirri a nan sun shafi tambayoyi biyu: me ya kamata manhajar ta bayyana daga abin da ta hasaso, kuma me ya kamata ta ajiye.

Yawancin hasashen yana fitowa ne daga wani layin rubutu mai suna User-Agent, wanda burauza ke aikawa tare da kowace buƙata. A da, wayar Android kan saka ainihin samfurinta a ciki, kamar SM-A536B, lambar Samsung Galaxy A53. Lambar ita kaɗai ba ta fallasa kowa. Matsalar tana tasowa idan aka haɗa ta da girman allo, yankin lokaci, harshe da nau'ukan haruffan da ke cikin na'urar, domin haɗin kan zama tamkar zanen yatsa. A 2010 Peter Eckersley na EFF, ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet, ya gwada burauza kusan 470,000 a aikin Panopticlick, ya tarar cewa kashi 83.6 cikin ɗari suna da haɗin da babu mai irinsa. Ma'ana, ana iya bin sawun mutum ko da bai taɓa rubuta sunansa ba.

Masu ƙera burauza sun rage abin da ake aikawa. Tun daga Chrome 110, a 2023, layin da Chrome ke aikawa daga wayoyin Android ya koma kamar haka:

```
Mozilla/5.0 (Linux; Android 10; K) AppleWebKit/537.36 (KHTML, like Gecko) Chrome/120.0.0.0 Mobile Safari/537.36
```

Harafin K ya maye gurbin samfurin waya, kuma ana rubuta Android 10 ko da wayar tana kan sabon zubi. Shafin da ke son sanin samfurin sai ya roƙa a fili ta hanyar aika wa burauza layin `Accept-CH`, sannan burauzar ta aiko da samfurin a layin `Sec-CH-UA-Model`. Abin da ake bayarwa ba tare da roƙo ba kaɗan ne: sunan burauza da babbar lambar zubinta, tsarin aiki, da ko waya ce.

Misalin da ya fi nuna inda iyakar take shi ne saƙon gargaɗin shiga asusu. Wani ya shiga da na'urar da ba a saba gani ba, manhaja ta karanta layin da ke sama. Abin da za ta iya faɗa da gaskiya shi ne "Chrome a wayar Android". Idan ta rubuta Android 10 ta yi kuskure, kuma mai asusun da wayarsa ke kan Android 14 zai ɗauka ɓarawo ne ya shiga. Irin wannan ruɗanin ba baƙo ba ne: Windows 11 tana bayyana kanta da Windows NT 10.0, Safari na iPad kuma tun 2019 yana shigowa da kamannin Macintosh. Ga shi kuma kowa na iya sauya layin da hannunsa. Shi ya sa ya dace a gabatar da sakamakon a matsayin zato, kuma kada a ɗauke shi shaidar ko wane ne mutum.

Wanda za a nuna wa ma yana da ƙa'ida. Bayanin na'ura na mai asusu ne, bayan ya tabbatar da kansa. Shafin sauya kalmar sirri da ke cewa an aika lamba zuwa waya samfurin kaza ya tona asiri ga duk wanda ya san adireshin imel ɗin kawai. Samfurin waya kuma yana nuna ƙarfin aljihu. A 2012 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa kamfanin tafiye-tafiye Orbitz yana fara nuna wa masu kwamfutar Mac otal-otal masu tsada.

Wajen ajiya, dokar GDPR ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta tanadi a sashe na 5 cewa a tara iya abin da ake buƙata, kuma kada a riƙe shi fiye da lokacin da buƙatar ta ɗauka. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana ɗauke da irin waɗannan ƙa'idoji. A aikace, manhajar da ke son daidaita shafi da allo ba ta da dalilin ajiye komai bayan ta nuna shafin. Mai ƙidayar baƙi jimilla ta ishe shi, kashi nawa ne suka zo ta waya. Jerin na'urorin da suka shiga asusu kuwa yana buƙatar taƙaitaccen suna da kwanan wata, a goge shi idan zaman ya ƙare ko wa'adin da aka sanar ya cika. Inda aka fi yin sakaci shi ne rajistar sabar: tsarin `combined` na manhajojin sabar Apache da nginx yana rubuta cikakken layin User-Agent tare da adireshin IP da lokacin kowace ziyara, kuma fayilolin kan ci gaba da taruwa idan ba a saita musu ranar gogewa ba.