Waiwaye: Yadda aka yi lamba take kwana a juye cikin kwamfuta

Ɗalibin da ke koyon C a Jami'ar Bayero, ko mai gyaran waya a Farm Centre da ya buɗe abin da ya kwafo daga ma'adanar waya, kan ga lamba ta fito a juye, ya ɗauka wani abu ya lalace. Ba lalacewa ba ce, gado ne.

Ma'adanar kwamfuta kowane adireshi bayit ɗaya yake ɗauka. Lamba kamar `0x12345678` kuwa bayit huɗu ce, dole a yanke wanda zai zauna a adireshin farko. IBM, a System/360 ta 1964, ta fara da mafi girma, wato `12 34 56 78`, yadda mutum ke rubutawa. Motorola 68000 ta 1979 ta bi sahu.

Ɗaya ɓangaren, mai sa ƙarami a gaba, yana da dalili mai ƙarfi. An tsara Datapoint 2200 tana yin lissafi bit bayan bit, kuma tarawa daga ƙaramin gurbi ake fara ta, domin abin da aka riƙe yana hawa ne zuwa babba. Sai aka ajiye ƙaramin a gaba. Intel 8008 ta 1972 ta gaji wannan, 8086 ta 1978 ta riƙe shi, har ya iso laftof ɗin da ke hannunmu. Wayoyin Android ma haka suke aiki.

```c
uint32_t x = 0x12345678;
unsigned char *p = (unsigned char *)&x;
printf("%02x\n", p[0]);
```

A kan Intel ko AMD, `78` zai fito. `p[1]` shi ne `56`, `p[3]` kuma `12`. Idan `12` ya fara fitowa, injin mai sa babba a gaba ne. A Linux, `lscpu` kan rubuta `Little Endian` kai tsaye, wato ƙarami a gaba. Lura cewa `78` bai koma `87` ba: jerin bayit ake juyawa, abin da ke cikinsu yana nan yadda yake.

Matuƙar inji yana karanta abin da shi ya rubuta, babu rigima. Ta taso ne da injuna suka fara aika wa juna saƙo, har Danny Cohen ya rubuta takarda a 1980 yana roƙon a tsaya a kan tsari ɗaya, ko wanne ne. Daga wurinsa sunayen biyu suka shigo fagen: big-endian ga babba a gaba, little-endian ga ƙarami a gaba. Ƙa'idojin intanet suka ɗauki babba a gaba, shi ya sa `htons` da `ntohl`, masu sauya jerin bayit tsakanin tsarin inji da na intanet, suke nan har yau.

A nan masu koyo suka fi faɗawa rami. Lambar ƙofa, wato port, 80 ita ce `0x0050`. Wanda ya saka ta a `sin_port` ba tare da `htons` ba, a kan Intel, shirinsa zai nufi `0x5000`, wato 20480, kuma babu gargaɗin da zai gani. Fayiloli ma sun rabu: PNG babba a gaba, BMP ƙarami a gaba. A ganina, wanda zai karanta irinsu gara ya harhaɗa lambar da kansa da `<<` da `|`, bayit bayan bayit, domin wannan hanyar sakamako ɗaya take bayarwa a kowane inji.