Idan an gano kuskure a bayanan taro bayan an amince da su

A ce ƙungiyar gama-kai ta yanke a taron watan Maris cewa iyakar bashin da za a ba mamba naira 500,000 ne, sai sakatare ya rubuta 50,000. A Afrilu aka karanta bayanan, ba wanda ya lura, aka amince, shugaba ya sa hannu. Sai a Satumba ma'aji ya gano sifirin da ya ɓace.

Sakatare ba shi da ikon ɗaukar biro ya ƙara sifirin nan, ko da kowa ya san gaskiyar magana. Tun ranar da aka amince da bayanan suka zama na ƙungiya, ita kaɗai ke da ikon taɓa su. Ga kamfanoni ma abin ya fi nauyi, domin dokar kamfanonin Najeriya ta 2020 tana ɗaukar bayanan da shugaba ya sa wa hannu a matsayin shaidar abin da ya faru a taro.

A fara duba tsarin mulkin ƙungiya, shi ne gaba da komai. Idan ƙungiyar tana bin ƙa'idojin littafin gudanar da taro mai suna Robert's Rules of Order ne, gyara ba ya da wa'adi, ko bayan shekaru ana iya yi. Mamba zai kawo ƙudurin gyara abin da aka riga aka amince da shi, ya faɗi kalmomin daidai: "A bayanan taron Maris, a cire 50,000 a sa 500,000." Wani ya goya masa baya. In ba mai ja, shi ke nan. In kuwa sai an jefa ƙuri'a, yawan da ake bukata ya danganta da sanarwa. Idan an sa batun a takardar kiran taro, fiye da rabin masu ƙuri'a ya isa, wato 13 idan mutum 24 suka jefa ƙuri'a. Idan ba a sanar ba, sai kashi biyu cikin uku, wato 16, ko kuma fiye da rabin duka mambobin ƙungiyar.

Wajen rubutawa ne aka fi yin ɓarna. Ba a yage shafin Maris, ba a goge shi, ba a sake buga sabo a maye gurbinsa. Cikakken ƙudurin da sakamakonsa suna shiga bayanan taron Satumba. A gefen shafin Maris kuma sai sakatare ya rubuta: "An gyara, duba bayanan taron Satumba," da kwanan wata. Tsohon adadin ya kasance ana iya karanta shi, don mai binciken kuɗi ya ga yadda abin ya gudana.

Sai dai a kawo hujja, kamar rubutun sakatare na ranar ko takardar ƙudurin asali. Idan ta nuna 50,000 ɗin aka yanke da gaske, yanzu ne mambobi suka ga ya yi kaɗan, to babu kuskure a bayanan. Shawarar Maris ɗin kanta za a gyara da sabon ƙuduri, shafinta kuma a bar shi yadda yake.